Basilus ɗina ya fito ruwan hoda a rinin Gram, ina matsalar take?

'Yar Mabera: Assalamu alaikum. Manyanmu na lab a taimaka mini. Ina aji biyu a fannin harhaɗa magunguna. Jiya Talata muka yi firaktikal na rinin Gram, aka ba rukuninmu faranti an rubuta sunan ƙwayar bakteriya Basilus sabtilis a bayansa. Kowa ya san Gram-fozitif ne, shunayya ya kamata ya fito. Da na ɗiga mai na duba da gilashin 100, sanduna ne ba shakka, amma fiye da rabinsu ruwan hoda. Abin da ya fi ɗaure mini kai, a sarƙa guda sai ka ga sanda biyu shunayya, ta uku ruwan hoda, ta huɗu kuma ɗige-ɗige. Litinin za mu miƙa rahoto. Me zan rubuta? Ko dai farantin ne ya gurɓata?

Ɗan Arkilla: Wa alaikumus salam. Ƙanwata ba wani abu ba ne, kin daɗe da giyar wanki a kai. Kowa a aji biyu sai ya yi wannan. Sakan 10 ake yi, ke kuma na san kin tsaya kina hira. Ki sake, ki rage lokaci, shi ke nan.

'Yar Mabera: Yaya wallahi ban yi hira ba. Itanol ne mai kashi 95, ƙawata ta riƙe agogon waya, sakan 15 na wanke da ruwa. Minti ɗaya kiristal bayolet, minti ɗaya aidin, safaranin sakan 45.

Na Runjin Sambo: In ruwan hoda kika gani ai mai cin laktos ne. I-kolai ko Kilebsiyela. Haka suke fitowa a kan farantin shuka na Makonki.

Ɗan Arkilla: Malam ka karanta tambayar tukuna. Silaid take magana, ba faranti ba.

Na Runjin Sambo: To, a yi haƙuri, ina kan mashin ne na leƙa.

Baban Lab: Salamu alaikum. Ɗiyata, kafin a yanke hukunci in tambaye ki abu ukku. Yaushe anka shuka farantin nan? Kin sa wata ƙwaya da kinka sani a gefen silaid ɗin don gwaji? Kuma cikin sandunan, kin ga wasu da wani fili fari mai siffar ƙwai wanda bai ɗauki rini ba?

'Yar Mabera: Baba ina wuni. Ranar da aka rubuta a farantin Alhamis ce ta makon jiya. Ba mu sa komai a gefe ba, ba a ce mu sa ba. Fararen filayen kuwa akwai su da yawa, har wasu na yawo su kaɗai a waje. Na ɗauka kumfar iska ce a cikin man.

Baban Lab: Ba kumfa ba ce, sifo ne, wato ɗan ƙunshi mai tauri da ƙwayar ke yi a cikinta don ta tsira in wuya ta zo. Su ne shaidarki ta farko. Basilus ba shi yin sifo da yawa haka sai abinci ya ƙare mai, wato kalcan, shukar da ke cikin farantin, ya tsufa. Alhamis zuwa Talata kwana biyar ke nan. Rinin Gram kuwa da kalca mai awa 18 zuwa 24 aka son yin shi.

Bari in ɗan ja da baya, don in kin gane abin da ke riƙe shunayyar, sauran duk za ki iya fiddo shi da kanki. Lokacin da kinka zuba kiristal bayolet, kowace ƙwaya ɗauka takai, fozitif da negatif baki ɗaya, don rinin ƙarami ne, yana ratsa bango cikin sauƙi. Da kinka zuba aidin, sai shi bi shi ciki su haɗu su zama dunƙule babba wanda ruwa ba shi narkarwa. Har nan ba bambanci, duk silaid ɗin shunayya ne. Bambancin duka a wurin itanol shike. Gram-fozitif na da bangon feftidogilaikan mai kauri, nanomita 20 zuwa 80. Itanol na tsotse ruwan bangon, sai shi tsuke, kafofinsa su matse, dunƙulen shi rasa hanyar fita. Gram-negatif nashi siriri ne, 'yan nanomita kaɗan, kuma da tantanin waje mai maiƙo a kansa. Itanol na narkar da tantanin, siririn bangon ba shi iya riƙe komi, rinin shi zube.

Yanzu ga abin da ɗalibai ba su lura da shi. Safaranin ba shi zaɓe. Kowace ƙwaya shika shiga, har wadda ta riƙe shunayya, sai dai a can duhun shunayyar ya rufe shi ba ki ganinai. Saboda haka ruwan hoda ba shi ce miki ƙwaya negatif ce. Abin da shika ce miki kawai, shunayya ta fita. Ko ta fita don bangon siriri ne tun asali, ko don bangon mai kauri ya lalace, ko don dunƙulen bai haɗu ba tun farko, ko don an matsa mata da wanki, launin dai ɗaya ne za ki gani.

Ɗan Arkilla: To ai Baba maganata ce ka maimaita a ƙarshe. An matsa da wanki.

Baban Lab: Maganarka na cikin huɗun, kuma a ɗakin firaktikal ita ta fi yawa, ban musa ba. Riƙon da fozitif ke yi ba na har abada ba ne, jinkiri ne kawai. Ka bar itanol minti biyu ko ukku, Istaf ma, wato Istafilokokus wanda fozitif ne, sai shi fara saki. Amma dubi abin da ta faɗa. Sarƙa guda, sanda biyu shunayya, ta kusa da su ruwan hoda. Itanol ɗin da ya taɓa wannan shi ya taɓa waccan, a sakan guda, a wuri guda. In wanki ne ya yi yawa, wuri-wuri za ka ga abin: gefen da ya yi siriri duk ya koɗe, tsakiya mai kauri ta riƙe. In kuwa maƙwabta biyu sunka bambanta, to bambancin a jikinsu shike.

'Yar Mabera: Baba to me tsufa yake yi wa bangon? Na ɗauka in ƙwaya ta daɗe bangon ƙara kauri zai yi.

Baban Lab: Ƙwaya mai girma kullum tana yanka bangonta tana ɗinkewa, don ba ta iya tsawo ko rabuwa biyu sai ta buɗe wuri ta sa sabo. Tana da inzayim nata na yankan, otolaisin aka ce musu. Muddin da abinci, yanka da ɗinki tafiya sukai tare. In abinci ya ƙare ɗinki shi tsaya, yanka kuwa ba shi tsayawa nan take. Kamar darnin kara ne da gara ta ci: daga nesa yana tsaye, siffarsa ba ta sake ba, amma akuya na ratsawa. Shi ya sa kinka ga sanda cikakkiya amma ba ta riƙe rini. A Basilus kuma da ƙari, uwar ƙwayar da ta yi sifo da gangan take fasa bangonta a ƙarshe don sifon shi fito. Waɗanda kinka gani suna yawo su kaɗai, iyayensu sun riga sun fashe. Masu ɗige-ɗigen nan kuwa suna tsakani ne, rinin ya fita a wani wuri ya maƙale a wani.

Basilus da Kulostiridiyom sun fi kowa saurin wanga hali. Istaf ya fi su haƙuri, amma shi ma in ya kwana biyu za ki ga 'yan ruwan hoda cikin gungun.

Ɗan Arkilla: Wato ƙwayar ta koma Gram-negatif ke nan da ta tsufa. Mu haka aka koya mana, Gram-bariyabul.

Anti Famasis: A'a ƙanena, nan kam ka zame. Ba ta koma komai ba. Ba ta tsiro da tantanin waje ba, ba ta fara yin gubar da negatif ke yi ba. In ka ɗebi wannan tsohon kalcan ka shuka a sabon faranti, 'ya'yan da za su fito gobe shunayya ne tsaf. Launin silaid ne ya sauya, jinsin yana nan. Kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu masu magani, domin bankomaisin da ke kashe fozitif ba ya iya ratsa tantanin waje na negatif. In ka ɗauka launi shi ne jinsi, za ka cire maganin da ke aiki ka sa wanda ba ya yi.

Ɗan Arkilla: Anti na yarda ba ta sauya jinsi ba. Amma akwai waɗanda ko sabbi ne haka suke fitowa gauraye, ko ba haka ba?

Anti Famasis: Akwai. Gadinerela misali, bangonta irin na fozitif ne amma siriri, shi ya sa take fitowa gauraye ko ma ruwan hoda ko da sabuwa ce. Wannan halittarta ce. Na 'yar nan daban ne.

'Yar Mabera, tunda ke ɗalibar magani ce bari in ƙara miki wani dalili da ba zai shafi farantinki ba amma zai bi ki har wurin aiki. Duk dangin fenisilin, da amozisilin da amfikulos da seftiriyazon, aikinsu hana ɗinkin da Baba ya faɗa ne. Suna toshe inzayim ɗin da ke ƙulla zaren feftidogilaikan da juna. Yanka na ci gaba, ƙulli ya tsaya. To ki duba yadda mutanenmu ke zuwa asibiti. Kafin mutum ya iso ya riga ya sha kafso na kwana uku daga kemis, wani har allura an yi masa a gida. A ɗebi mugunya ko majina a rina, ƙwayoyin da suka rage bangonsu ya riga ya raunana, sai su fito ruwan hoda ko gauraye, wasu ma sun kumbura sun sauya siffa. Shi ya sa nake damun likitoci su rubuta a takardar gwaji ko majiyyaci ya sha magani, da wane iri.

Uwar Biyu: Don Allah tunda ana maganar gwaji. An yi wa ƙanwata gwajin fitsari aka rubuta Istaf, ta sha magani har kala uku bai tafi ba. Ko irin wannan kuskuren launin ne?

Anti Famasis: Hajiya wannan ba a iya faɗa daga nan. Sunan da aka rubuta mata daga shuka ake samo shi da wasu gwaje-gwaje, ba daga launi kaɗai ba, kuma Istaf na zaune a fatar kowa, yana iya faɗawa cikin fitsari in ba a ɗeba da tsabta ba. Ta koma wurin likita da takardar da sunayen magungunan da ta sha, kada ta ƙara sayen na huɗu da kanta.

Uwar Biyu: To na gode, Allah ya saka.

Baban Lab: Abin da Hajiya Famasis ta faɗa mun gan shi da ido a lokacin sanƙarau. Ku da kuka Sakkwato kun tuna annobar 2017. A ruwan ƙashin baya, ƙwayoyi biyu ne ke zuwa bibbiyu: meningokokus, wanda negatif ne, da nimokokus, wanda fozitif ne. Shi nimokokus sarkin cin bangon kansa ne, ga shi kuma sau da yawa an riga an yi wa yaro allura kafin a ɗebi ruwan. Sai ka duba ka ga 'yan bibbiyu ruwan hoda, hannunka na rawa ka rubuta meningokokus. Wanda ya saba sai shi tsaya shi dubi siffa. Meningokokus kamar ƙoda biyu ne suna fuskantar juna ta gefe. Nimokokus masu tsini ne, sun haɗu ta tsawo. Maganin farko na iya zama ɗaya, seftiriyazon, amma abin da aka yi wa 'yan gidan da kuma ƙidayar da hukuma ke yi don gane annoba sun dogara ga wane ne a ciki.

'Yar Mabera: Ikon Allah. To Baba yanzu ni yaya zan tabbatar tsufa ne ba hannuna ba? Kada in rubuta a rahoto malami ya ce na ɗora wa faranti laifina.

Baban Lab: Kin yi tambayar da ta dace. Ki roƙi mai kula da lab shi bar ki ki yi wanga. Yau da la'asar, kamar ƙarfe 4, ki ɗebi tsohon farantin ki shuka a sabon nutiriyen aga, ki sa a inkubeta a digiri 37. Gobe ƙarfe 10 na safe ya cika awa 18. Ki kuma roƙi Istaf oriyos da I-kolai sabbi. In suna da na gwaji za ki ga an rubuta ATCC 25923 a na Istaf, ATCC 25922 a na I-kolai. In babu, kowane sabo da sunka tabbatar da shi ya isa.

Ki ɗauki silaid guda mai tsabta, ki juya bayansa ki zana da'ira huɗu ƙanana. Istaf a ɗaya, I-kolai a ɗaya, tsohon Basilus, sabon Basilus. Silaid guda nika so, ba huɗu ba, don duk abin da hannunki ya yi wa ɗaya ya yi wa sauran. Ɗigon ruwa ƙarami, ki taɓa ƙwayar da bakin waya kaɗan, ki baza siriri yadda in ya bushe za ki iya karanta rubutu ta cikinai. Ki bari iska ta busar da shi sarai kafin ki kai shi wuta.

In Istaf ya fito shunayya, I-kolai ruwan hoda, to hannunki da kwalabenki lafiya lau, abin da Basilus ya nuna nashi ne. In Istaf ma ya koɗe, ki bar zargin faranti, ki dubi kwalabe da agogo.

Ɗan Arkilla: Batun wuta ma Baba ka taɓa shi da kyau. Akwai masu gasa silaid kamar suna jin haushinsa.

Baban Lab: Sau biyu ko ukku a ratsa harshen wuta da sauri, fuskar simiya na sama. Ka taɓa shi a bayan hannunka, ɗumi za ka ji, ba ƙuna ba. In ya ƙona ka, ya fasa bangon ƙwayoyin, kuma fasasshen bango sakin rini shikai. Alamarsa ƙwayoyin sun yamutse, gefensu ba shi fita tsaf. Ni a benci na fi son metanol, a zuba shi minti ɗaya a bari shi bushe, ba ruwanka da wuta. Wani wurin da aka ɓarna kuma shi ne wankin da ke tsakanin kiristal bayolet da aidin. A lokacin dunƙulen bai haɗu ba, ruwa zalla na iya fidda rinin. Sakan biyu ko ukku na ruwa a hankali ya isa, ba a sakin famfo a kai.

Na Runjin Sambo: Yanzu na sauka na karanta duka. Amma maganata ta Makonki ba ta faɗi ƙasa ba fa. Ta shuka shi a kai mana. In Basilus ne ba zai tsiro ba, in kuma wani negatif ne ya shiga farantin zai tsiro. Ai ta ce tana tsoron gurɓata.

Baban Lab: Wagga kam ka yi daidai. Gishirin maɗaciya da kiristal bayolet da ke cikin Makonki na hana mafi yawan fozitif tsirowa. Ɗiyata in akwai faranti ki ƙara da shi. Akwai kuma gwajin zare, minti ɗaya ne. Ɗigon KOH, wato fotasiyom haidiroksaid, mai kashi 3 a kan silaid, ki ɗebi ƙwaya da yawa ki dama, ki riƙa ɗaga wayar a hankali. Negatif na fashewa, DNA ɗinsa shi fito shi yi yauƙi, ki ga zare na bin waya. Fozitif ba shi yin zare. Sai dai ki yi shi da sabon kalca, don tsohon Basilus mai ruɓaɓɓen bango na iya yin ɗan yauƙi shi ƙara rikita ki.

Ɗan Gidan Igwai: Salam. Ajinmu ɗaya da mai tambaya, ni ina rukunin da ke bencin taga. Namu ya fi nata muni. Istaf aka ba mu, sabo, an shuka shi Litinin, kuma duka ya fito ruwan hoda, ko ɗaya babu shunayya. Mu biyar, silaid biyar, duk haka.

Ɗan Arkilla: Ku kam wanki ne. Da me kuka wanke?

Ɗan Gidan Igwai: Itanol ɗin bencinmu ya ƙare, aka ba mu asiton. Muka yi sakan 15 kamar yadda takardar ta ce.

Ɗan Arkilla: Shi ke nan an gama. Sakan 15 na takarda na itanol ne. Asiton zalla zubawa ake a wanke nan take, sakan biyu zuwa uku. Kun ba shi ninki biyar.

Baban Lab: Zai iya zama shi, kuma in ni ne ban ba ɗalibi mai koyo asiton zalla, gara itanol ko a gauraya su rabi da rabi. Amma ban rufe maganar ba tukuna. Mutum biyar, ko ƙwaya ɗaya ba ta riƙe ba, har a tsakiyar da ta fi kauri? Yawan wanki yakan bar wani abu a wurin kauri. Yaro, aidin ɗin bencinku wane launi shike?

Ɗan Gidan Igwai: Ruwan ɗorawa-ɗorawa ne, ana ganin ta cikinsa. A farar robar matsi yake. Na sauran bencin ya fi duhu, yanzu da ka faɗa na tuna.

Baban Lab: To ga mai laifi na biyu. Aidin na Gram mai kyau ruwan ƙasa ne mai duhu. Aidin tashi shikai ya bar ruwan, zafi da haske na ƙara mai sauri, roba ma na shan shi. Ku tuna garin da muke, a watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, ga kwalba a bakin taga rana na dukanta. In aidin ya yi rauni dunƙulen ba shi haɗuwa da kyau, sai kiristal bayolet shi zauna shi kaɗai, ƙarami kamar yadda ya shiga. Ko bangon lafiyayye ne fita zai yi. A nan rage lokacin wanki ba shi gyara komi sosai.

Ɗan Arkilla: Ni dai har yanzu asiton nake zargi. Na sha ganin aidin mai haske yana aiki.

Baban Lab: Yana yi har ranar da zai daina. Ba sai mun yi gardama ba, silaid biyu ke raba mu. Istaf guda, itanol guda, lokaci guda, ɗaya da aidin taga ɗaya da mai duhun.

'Yar Mabera: Assalamu alaikum, na dawo da sakamako. Na yi yadda Baba ya ce, da'ira huɗu a silaid ɗaya, na kafe da metanol, itanol sakan 15 kamar ranar Talata don kada in sauya komai a wankin. Istaf shunayya mai duhu, gungu-gungu. I-kolai ruwan hoda, gajerun sanduna. Sabon Basilus shunayya kusan duka, sanduna manya a sarƙa, da ƙyar na ga sifo, 'yan ruwan hoda ba su fi a ƙirga da yatsa ba a fili guda. Tsohon kuwa ya fi na Talata koɗewa, sifo ko'ina, da wasu kamar fatalwar sanda, siffa kawai babu ciki. KOH a kan sabon bai yi zare ba, I-kolai ya yi zare har na ɗaga shi sama da silaid. Makonki na shuka jiya tare da ɗayan, yau babu abin da ya tsiro.

Na Runjin Sambo: Ka ji ko. Ba gurɓata.

Ɗan Arkilla: Madalla. Amma kin sauya abu ɗaya fa, wancan karon wuta kika yi, yanzu metanol. Ba za ki iya rantsewa wuta ba ta taimaka ranar Talata ba.

Anti Famasis: Gaskiyarsa a nan. Sai dai tsohon ya koɗe ko da babu wuta, sabon kuma ya riƙe a silaid ɗaya da shi, to tsufa kaɗai ya isa ya bayyana abin. Ko wuta ta ƙara nata ranar Talata, wannan silaid ɗin ba zai faɗa ba.

'Yar Mabera: To a rahoton in rubuta Gram-fozitif ko Gram-bariyabul? Mai kula da mu ya ce in rubuta fozitif kawai tunda an san ƙwayar.

Baban Lab: Ni ban yarda da haka ba. A wurin abin da anka gani, ki rubuta abin da idonki ya gani: sanduna a sarƙa, wasu shunayya wasu ruwan hoda, da sifo, daga kalca mai kwana biyar. A wurin bayani ki ce ƙwayar fozitif ce, ki kawo silaid na biyu da kwantirol ɗinki a matsayin hujja. Wanda ya saba rubuta abin da littafi ya ce maimakon abin da ya gani, ranar da anka kawo mai ƙwayar da ba rubutu a bayanta ba shi da abin yi.

Anti Famasis: Na yarda da Baba a ƙa'ida, amma 'yata ki san malaminki. Wani in ya ga bariyabul a layin sakamako zai ja jan biro kafin ya kai ga bayanin. Ki sa fozitif a layin ƙarshe, bayanin gaurayen a samansa, ki manna hoton silaid biyun.

Baban Lab: Hajiya kina koya mata siyasa.

Anti Famasis: Ina koya mata cin jarrabawa, ranka ya daɗe.

Ɗan Gidan Igwai: Mu ba mu samu yin namu gwajin ba, an zubar da aidin tagar kafin mu je, wai za a haɗa sabo. Mai lab ɗin ya ce in na san ma'aunin in zo mu haɗa tare ranar Litinin. Baba nawa-nawa ne?

Ɗan Arkilla: An zubar da shaida ke nan. Ni ina nan a kan asiton.

Baban Lab: Aidin giram 1, fotasiyom ayodaid giram 2, tataccen ruwa mililita 300. Ka fara narkar da fotasiyom ayodaid ɗin a ruwa kaɗan, kamar mililita 20, sannan ka zuba aidin a ciki ka juya har shi narke sarai, don aidin ba shi narkewa a ruwa zalla, in ka zuba 300 ɗin tun farko za ka wuni kana juyawa. Bayan nan ka cika ruwan. Kwalbar gilas mai duhu, murfi mai matsewa, a rubuta kwanan wata, a aje cikin kabad. Ku riƙa ɗiban na kwana kaɗan kawai zuwa benci. Kafin a ba kowa, ka gwada shi da Istaf da I-kolai a silaid guda, kuma tunda asiton ɗin na nan, ka yi silaid na biyu da shi sakan 15 ka turo muna abin da ka gani.